Wasiƙar Likita Zuwa Ofishin Jakadanci: Abin Da Ake Rubutawa Da Abin Da Ake Bari A Fayil

Duk wanda ya taɓa shirin fita da mara lafiya zuwa Indiya ko Masar ko Birtaniya ya san cewa bayan fasfo da takardar banki, akwai wata takarda da ba a rasa ta a cikin jakar neman biza, wato wasiƙar likita. Mutane da dama sun ɗauka cewa yawan shafuka shi ne ƙarfinta. Sai ka ga an haɗo sakamakon gwajin jini na shekara uku, da hotunan ƙirji, da tarihin ciwo tun daga ranar farko, an ɗinke an miƙa ta taga. Wasu kuma gajartawa suke yi har ta zama fanko, layi biyu kawai cewa wane ba shi da lafiya, a taimaka masa. Dukkan biyun ba sa biyan buƙata.

Wasiƙar da ke aiki ba ta cika wuce shafi ɗaya ba. Musamman ga wanda ya riga ya fara magani a waje kuma zai koma don ci gaba da shi, aikinta guda ne: ta nuna cewa a cikin doguwar jinya akwai wata gaɓa mai farko da ƙarshe wadda ita ce dalilin wannan tafiya, kuma idan an gama ta mara lafiya zai dawo hannun likitansa na gida.

Mai karanta ta ba likita ba ne

Kafin a rubuta ko da layi ɗaya, sai a tuna wanda zai karanta. Jami'in biza ma'aikacin gwamnati ne mai tarin takardu a gabansa, kuma lokacin da zai ba kowace takarda kaɗan ne. Ba zai duba ko maganin da aka rubuta ya dace ba, ba kuma shi zai yi tiyata ba. Tambayoyin da ke ransa na shige da fice ne. Da gaske wannan mutumin ba shi da lafiya? Da gaske akwai asibitin da ke jiransa? Kwana nawa zai yi? Wa zai biya? Zai dawo?

Saboda haka ya kamata a rarrabe takardu uku da ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce takardar tura mara lafiya, wadda likita ke rubuta wa likita ɗan'uwansa. A nan ne ake zuba komai: lambobin gwaji, sunayen magunguna da adadinsu, tiyatar da aka taɓa yi, abin da jiki ba ya so. Ta biyu ita ce takardar gayyata daga asibitin waje, mai nuna cewa sun karɓi mara lafiya, ga ranar da za su gan shi, ga tsawon lokacin da suke tsammani, ga kiyasin kuɗi. Ta uku ita ce wasiƙar likitan gida zuwa ofishin jakadanci, kuma a kanta muke magana. Ta farko tana tafiya daga asibiti zuwa asibiti. Ta biyu da ta uku su ne ke shiga jakar biza, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya.

Abin da ƙasashe ke tambaya

Ƙa'idoji suna sauyawa, don haka jerin takardun da ofishin jakadanci ya fitar a lokacin da za ka nema shi ne abin bi. Amma ginshiƙan sun daɗe ba su motsa ba, kuma suna kama da juna daga ƙasa zuwa ƙasa.

Indiya, inda 'yan Najeriya da yawa ke zuwa dashen ƙoda da tiyatar zuciya da maganin ciwon daji, tana da biza ta musamman ta neman magani. Tana kuma da wata ta mai jinya, wadda ake iya ba mutum har biyu, kuma wa'adinta yana tafiya da na mara lafiya. Idan likita bai ambaci cewa mara lafiya na buƙatar mai rakiya ba, iyalin sun rasa hujja mafi sauƙi da za su kafa.

Birtaniya ta rubuta abin da take so a cikin dokokinta na shige da fice. Mai zuwa neman magani da kuɗinsa zai kawo wasiƙar likita mai bayyana ciwon da ke buƙatar magani, da kiyasin kuɗi, da tsawon lokacin da maganin zai ɗauka, da wurin da za a yi shi. An kuma ƙara sharaɗi ɗaya mai nauyi: dole maganin ya zama mai iyaka. Bizar ziyara ta wata shida ce, amma ana iya ba da har wata 11 idan maganin na buƙatar haka. Wanda zai zauna fiye da wata shida daga Najeriya sai ya haɗa da takardar gwajin tarin fuka daga asibitin da suka amince da shi.

Amurka ma kusan haka take a bizarta ta B-2: bayanin ciwo daga likitan gida tare da dalilin neman magani a can, wasiƙa daga asibitin Amurka mai nuna tsawon lokaci da kuɗi, sannan shaidar wanda zai biya.

A duk jerin nan babu inda aka ce a kawo fayil ɗin asibiti gaba ɗaya. Suna son sunan ciwo, dalili, wuri, lokaci da kuɗi. Idan jami'i na son ƙari, zai nema.

Ciwo mai tsawo, biza mai iyaka

A nan ne wasiƙar mai ci gaba da magani ta fi wuyar rubutawa. Wanda aka yi wa dashen ƙoda zai sha maganin hana jiki ƙin ƙodar muddin tana jikinsa. Mai ciwon daji zai yi shekaru ana bibiyarsa. Yaron da aka haifa da wasu nau'o'in ciwon zuciya ana yi masa tiyata hawa-hawa, a yi ɗaya yana jariri, a jira ya girma a yi ta gaba. Duk wannan gaskiya ne, kuma likita mai tausayi yakan so ya jaddada shi don a ga girman lamarin. Sai ya rubuta cewa mara lafiya na buƙatar kulawar ƙwararru har tsawon rayuwarsa, kuma ba zai same ta a gida ba.

Ga kunnen iyali, wannan jimla ce mai ƙarfi. Ga jami'in biza kuwa, likitan mutum ne da kansa ya shaida cewa wannan matafiyi yana da babban dalilin ƙin dawowa. An so gyara, an ɓata.

Mafita ba ɓoye tsawon ciwon ba ce. Mafita ita ce a raba maganin gida biyu, kamar yadda yake a zahiri. Akwai kulawar yau da kullum, wato shan magani da gwajin jini da zuwa ganin likita, kuma wannan a gida ake yin ta, a gida za a ci gaba da ita. Akwai kuma aiki na musamman da ya taso yanzu, wanda ke da rana da wuri da wa'adi. Wasiƙar za ta ambaci na farko don nuna cewa mara lafiya na da likitan da zai dawo wa, ta kuma tsaya a kan na biyu don shi ne dalilin bizar.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Kano mai shekara 52. An yi masa dashen ƙoda a wani asibiti a birnin Chennai a watan Maris na 2023, ƙanensa ne ya ba shi. Ya dawo gida, yana ganin likitan ƙoda duk bayan wata biyu, yana shan magungunansa uku, takrolimus da maikofenolet da firednisolon. Gwajin da ake auna aikin ƙoda da shi, wato kiriyatinin, ya daɗe yana tsaye a wajen 110. A cikin wata uku sai ya hau zuwa 140, ya kai 190. Likita ya duba adadin takrolimus a jini, ya duba fitsari ko akwai ƙwayar cuta, ya yi hoton ƙodar, bai ga toshewa ba. Abin da ya rage shi ne a ciro ɗan ƙwanƙwanin tsokar ƙodar da allura a duba ko jiki ne ya fara ƙin ta, a kuma gwada jini ko ya fara ƙera makaman yaƙar ƙodar ƙanen nasa. Likitocin da suka yi dashen sun ce a kawo shi, sun ba da rana, sun kiyasta mako huɗu zuwa shida.

A fayil ɗin wannan mutum akwai wasu abubuwa. Yana da ciwon suga. Ya taɓa fama da baƙin ciki mai tsanani a lokacin da yake wankin ƙoda, har ya ga likitan ƙwaƙwalwa na wasu watanni. Ya taɓa kai ƙorafin raunin mazakuta. Akwai wata guda da kuɗi suka yanke masa ya riƙa tsallake magani. Likitan Chennai yana buƙatar sanin yawancin wannan, musamman maganar tsallake magani, domin tana iya zama sanadin matsalar. Jami'in biza ba ya buƙatar ko ɗaya.

A Najeriya da Turanci ake rubuta irin wannan wasiƙa, a Nijar kuma da Faransanci, a fassara idan ofishin ya nema. Ga ma'anar abin da likitan zai rubuta a takarda mai ɗauke da sunan asibiti da adireshinsa, bayan kwanan wata da sunan ofishin da aka nufa:

"Game da Alhaji wane, wanda aka haifa ranar kaza, mai fasfo lamba kaza.

Ni ne likitan ƙoda da ke kula da wanda aka ambata a sama a wannan asibiti tun shekarar 2021. Na rubuta wannan wasiƙa bisa buƙatarsa da izininsa a rubuce.

An yi masa dashen ƙoda a asibiti kaza da ke Chennai a watan Maris na 2023, kuma tun daga lokacin yake zuwa ganin likita a wurinmu. Gwaje-gwajen watanni ukun da suka wuce sun nuna aikin ƙodar yana raguwa. Yana buƙatar gwajin tsokar ƙodar da gwajin jini na musamman, da magani gwargwadon abin da aka gano. Na ba da shawarar a yi wannan a asibitin da aka yi dashen, domin su ke da bayanan tiyatar da na gwajin dacewar wanda ya ba da ƙodar. Jinkiri na iya jawo asarar ƙodar.

Asibitin ya ba shi ranar 14 ga Oktoba, kuma ana sa ran zai zauna mako huɗu zuwa shida. Lafiyarsa a yanzu za ta bar shi ya yi tafiya a jirgin sama. Yana buƙatar mai jinya, kuma matarsa, Hajiya wance, mai fasfo lamba kaza, ita za ta raka shi. Bayan ya dawo zai ci gaba da ganin likita a wannan asibiti ƙarƙashin kulawata.

Ana iya tuntuɓata ta lambar waya da adireshin imel na asibiti da ke ƙasa don tabbatar da wannan wasiƙa."

Sai sa hannu, cikakken suna, muƙami, lambar rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, da hatimin asibiti.

Kowace jimla a nan tana da tambayar da take amsawa. Faɗin cewa likita na kula da shi tun 2021 ya nuna ba wanda aka tsinta jiya don ya sa hannu ba ne. Ambaton dashen 2023 ya dace da tsohuwar bizar Indiya da ke cikin fasfo, tare da tambarin shiga da na fita, kuma wannan shaida ce cewa ya taɓa zuwa ya dawo. Jimlar jinkiri ta bayyana gaggawa ba tare da kuka ba. Mako huɗu zuwa shida ya ba tafiyar iyaka. Jimlar dawowa ta rufe ƙofar zargi.

Dubi kuma abin da bai shiga ba. Babu 110, babu 190. Lambobin ba za su gaya wa jami'i komai ba, balle ma ɗakunan gwaji a Najeriya da Indiya ba da ma'auni ɗaya suka saba rubuta kiriyatinin ba: 190 na nan kusan 2.1 ne a can. Babu sunayen magunguna. Babu kuma kuɗi, domin likitan Kano ba shi ke yanka farashin asibitin Chennai ba. Kiyasin kuɗi aikin takardar gayyata ne, shaidar biya kuma aikin takardar banki.

Me ya sa ake taƙaitawa

Dalili na farko sirri ne, kuma doka ta tsaya masa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum da maganinsa da zamansa a asibiti sirri ne. Ba a fitar da shi sai da izinin mai shi a rubuce, ko umarnin kotu, ko wasu 'yan dalilai da dokar ta lissafa, ciki har da barazana mai tsanani ga lafiyar jama'a. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ita ma ta sa bayanin lafiya a rukunin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman. Izinin da mara lafiya ya bayar kuwa na wata manufa ce guda. Ya ce a taimaka masa ya sami biza, bai ce a buɗe masa ciki ba.

Sannan takardar biza ba hannu ɗaya take bi ba. Ɗan da ya je karɓo ta daga asibiti zai karanta. Mai shagon da ya yi hotonta zai gani. Wakilin tafiye-tafiye zai ajiye kwafi a wayarsa. Ofisoshin jakadanci da yawa kamfani suke ba aikin karɓar takardu, don haka ma'aikacin kamfanin ma zai duba. Idan maigida ko wani attajiri ne zai ɗauki nauyin tafiyar, shi ma za a kai masa. Maganar da Alhaji bai taɓa gaya wa 'ya'yansa ba, sai ga ta a hannun mutum shida kafin la'asar. Ga macen da ciwonta ya shafi haihuwa ko mahaifa, ko budurwar da ke jiran aure, irin wannan fallasa na iya yin ɓarnar da ta fi ta rashin biza.

Dalili na biyu na dabara ne. Duk abin da ka ƙara a takarda, ka ƙara abin da za a tambaye ka a kai. Shafi goma na gwaje-gwaje da wuya su rasa wuri ɗaya da aka rubuta suna ba daidai ba, ko shekaru suka saɓa da na fasfo. Kalma guda kamar ciwon ƙwaƙwalwa, wadda aka jefa ba tare da bayani ba, tana iya tayar da shakkun da ba su da alaƙa da tafiyar. Jimloli uku masu muhimmanci kuma sai su nutse a cikin tarin da ba a nema ba.

Amma taƙaitawa na da iyaka. Barin abin da bai shafi tafiyar ba daban, ɓoye abin da ya shafe ta daban. Idan mutum na da tarin fuka mai yaɗuwa, likita ba zai rubuta cewa ya dace da shiga jirgi ba. Idan fom ɗin biza ya yi tambaya kai tsaye a kan wani ciwo, gaskiya ake faɗa. Idan ciwon da mutum ke jin kunyarsa shi ne ainihin dalilin tafiyar, dole a ambace shi, sai dai a yi shi da kalma ɗaya mai mutunci, kuma da sanin mai shi. Shi ya sa likita nagari ke karanta wa mara lafiya wasiƙar kafin ya sa hannu, ya ce: "Alhaji, ga abin da na rubuta. Akwai abin da ba ka so a gani?" Idan mara lafiya bai iya Turanci ba, a fassara masa a ɗakin likita, ba a gaban 'yan rakiya ba.

Inda ake tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na suna. Katin asibiti na ɗauke da sunan da ake kiran mutum da shi a unguwa, fasfo kuma na ɗauke da wani. Muhammad a nan, Mohammed a can. Sunan gari ya maye gurbin sunan uba. Ranar haihuwa a asibiti kintace ce da ma'aikacin kati ya yi shekaru goma da suka wuce. Maganin wannan mai sauƙi ne: a kai wa likita hoton shafin fasfo, ya kwafa harafi bayan harafi.

Na biyu shi ne saɓani tsakanin takardu. Likitan gida ya ce wata uku, asibitin waje ya ce mako shida, tikitin jirgi ya nuna kwana goma. Ko kuma wasiƙar gida ta ce tiyata, ta waje ta ce duba lafiya kawai. Don haka ne ake fara karɓo takardar gayyata, sannan likitan gida ya rubuta tasa yana kallon ta. Wasiƙar da ta tsufa ita ma matsala ce. Idan aka ce ciwo na gaggawa ne amma kwanan watan wasiƙar ya kai wata biyar, takardar da kanta ta ƙaryata kanta.

Na uku shi ne jimlar nan da ake roƙon likitoci su saka: babu wannan magani a Najeriya. Wani lokaci gaskiya ce, kuma idan gaskiya ce a faɗe ta. Amma a misalinmu ba gaskiya ba ce. Ana dashen ƙoda a Najeriya tun shekarar 2000, lokacin da asibitin St. Nicholas na Legas ya fara, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi sahu a 2002. Likitan da ya rubuta cewa ba a iya kula da mai dashen ƙoda a ƙasar ya faɗi abin da ake iya ƙaryatawa cikin minti biyar, ya kuma rushe nasa alkawarin cewa zai ci gaba da kula da mara lafiya idan ya dawo. Dalilin gaskiya, wato komawa hannun waɗanda suka fara aikin, ya isa.

Na huɗu shi ne likita ya shiga hurumin da ba nasa ba. Ya rubuta cewa yana ba da tabbacin mara lafiya zai dawo, ko cewa mutumin mai dukiya ne, ko ya umarci ofishin da ya ba da biza cikin kwana uku. Likita bai ga asusun banki ba, ba kuma shi ke riƙe da ƙafar kowa ba. Abin da ya sani shi ne ciwo da magani da shirin kulawa bayan dawowa. Tsayawarsa a nan shi ke sa a yarda da shi.

Na biyar, kuma mafi haɗari, shi ne wasiƙar bogi. Akwai masu shirya tafiya da ke cewa a bar musu komai, har da takardar likita. Ofisoshin jakadanci sukan kira asibiti ko su aika saƙo don tabbatarwa. Idan aka kira aka ce babu likita mai wannan suna, ko likitan ya ce bai san mara lafiyar ba, abin ya wuce rasa biza ɗaya. A Birtaniya yaudara a neman biza na iya jawo haramcin shekara 10. A Amurka haramcin na iya zama na har abada. Likitan da ya sa hannu a takardar ƙarya kuma yana iya fuskantar kotun ladabtarwa ta MDCN, har ya rasa lasisinsa. Alamomin takardar da za ta ja zargi sanannu ne: babu lambar rajistar likita, lambar waya ta wani mutum ce ba ta asibiti ba, likitan ba na fannin ciwon ba ne, ko kalmomin sun yi daidai da na wasu masu nema goma da suka fito daga hannun wakili ɗaya.

Idan wa'adi ya ƙare ana can

Magani ba ya bin jadawali kullum. A ce gwajin Alhaji ya nuna jikinsa na ƙin ƙodar sosai, likitoci suka ce sai ya ƙara mako huɗu, bizar kuma ta kusa ƙarewa. A nan ma wasiƙa ake buƙata, sai dai yanzu likitan can ne zai rubuta ta, don shi ke ganin mara lafiya. A Indiya ana neman ƙarin wa'adi ta ofishin rajistar baƙi da ake kira FRRO, tare da takardar asibiti. A Birtaniya ana iya ƙarin wata shida, amma sai an nuna an biya kuɗin maganin da aka riga aka yi, kuma wasiƙar ta fito daga ƙwararren likita mai rajista a can.

Tsarin wasiƙar bai sauya ba: me aka yi, me ya rage, me ya sa ba za a iya katsewa yanzu ba, yaushe ake sa ran gamawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a nema kafin bizar ta mutu. Mai jinya ya riƙa duba ranar da ke jikin fasfo, ya tuna wa ofishin kula da baƙi na asibitin tun da sauran makonni, domin wanda ya wuce wa'adi ba tare da izini ba yana iya biyan tara, kuma tabon zai bi shi zuwa neman biza ta gaba. Ga mai ciwo mai tsawo kuwa, biza ta gaba kusan tabbas ce.

Kafin ka je wurin likita

Rabin ingancin wasiƙar yana hannun iyali. Ka je wurin likitan da ke kula da mara lafiyar da gaske, ba wanda ya fi kusa ko ya fi sauƙin roƙo ba. Ka tafi da hoton fasfon mara lafiya da na mai jinya, da takardar gayyata, da takardar sallama ta zuwan baya, da jerin abin da ofishin jakadancin ya nema. Ka ba da lokaci, domin a manyan asibitocin gwamnati rahoton likita yakan bi ta ofis, a biya kuɗi a karɓi rasit, a jira sa hannu da hatimi. Idan mara lafiya na buƙatar iskar numfashi ko gadon kwanciya a jirgi, kamfanin jirgin na da nasa fom daban da likita zai cike, kada a cusa wannan a wasiƙar biza.

Ka nemi takardu biyu, kada ka yarda a haɗe su. Cikakken rahoton likita a rufe shi a ambulan ko a aika shi kai tsaye zuwa asibitin waje. Gajeriyar wasiƙa ita ce ta ofishin jakadanci. Idan ofishin ya nemi cikakken rahoto a jerinsa, a ba shi na ciwon da ake tafiya dominsa kawai. Da ka karɓi wasiƙar, ka karanta ta kafin ka bar asibitin, ka gwada ta da tambayoyi biyar: wane ciwo ne, me za a yi, me ya sa a can kuma yanzu, kwana nawa, wa zai karɓe shi idan ya dawo. Idan ɗaya ba ta da amsa, ka koma a ƙara. Idan akwai jimlar da ba ta amsa ko ɗaya daga cikinsu ba, ka nemi a cire ta.

Wasiƙa mai kyau ba ta tilasta wa kowa ba da biza. Jami'i zai duba kuɗi, da tarihin tafiye-tafiye, da abin da mutum ya bari a gida, kuma hukunci nasa ne. Abin da ke hannun likita da iyali shi ne kada takardarsu ta zama dalilin ƙi, kuma kada mara lafiya ya biya kuɗin biza da sirrin da ba a tambaye shi ba.